Agogon hannu mai ba kansa wani: me ya sa ba a taɓa masa kwanan wata da tsakar dare?

Sau biyar a shekara agogon hannu mai tagar kwanan wata yakan wayi gari yana yi wa mai shi ƙarya: ran 1 ga Maris, 1 ga Mayu, 1 ga Yuli, 1 ga Oktoba da 1 ga Disamba. Dalili kuwa lambobi 31 ne a cikinsa, bai san akwai wata mai kwana 30 ko 28 ba. Ran da kowa ke cewa 1 ga Disamba, shi 31 zai nuna, sai an tura shi da hannu.

Da yawa daga cikin ƴan kasuwarmu, maza da mata, ba su son wannan ƙaryar ta kai safe. Ran ƙarshen wata da dare, an rufe shago, an ci tuwo, an zauna lissafin ciniki da na masu bashi, sai mutum ya tuna gobe sabon wata. Ya jawo maɓallin gefen agogo, ya murza, ya kai lamba 31 don tsakar dare ta kai shi 1. Niyyar mai kyau ce, amma a cikin awa 24 babu lokacin da ya kai wannan muni ga wannan aikin. Kamfanin Seiko ya rubuta a takardar da ke zuwa da agogonsa masu nuna rana da kwanan wata cewa kada a canza su tsakanin ƙarfe 9 na dare da ƙarfe 4 na asuba. Ga masu nuna kwanan wata kaɗai, daga 9 na dare zuwa 1 ne. Sai dai wa ya taɓa ganin takardar? Galibin agogon da ke zuwa hannunmu na hannu ne, ba kwali ba takarda.

Za mu ɗauki Seiko 5 a matsayin misali, domin shi ne agogo mai ba kansa wani da aka fi sani a kasuwanninmu. Ya fara fitowa a 1963. Injin da ke cikin mafi yawan waɗanda aka ƙera daga 1996 sunansa 7S26, kuma ana iya karanta wannan lambar a bayan agogon. Daga 2019 sababbin Seiko 5 sun koma wani injin mai suna 4R36, amma gargaɗin bai canza ba.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin fuskar agogo

Lambobin da muke gani a ƴar tagar nan a jikin wani siririn zobe suke, kwance a ƙarƙashin fuskar agogo. Zoben yana da haƙora 31 ta cikinsa, kowane haƙori kwana guda. Akwai wani ɗan ƙarfe mai danƙo da ke faɗawa tsakanin haƙora biyu ya riƙe zoben, don lamba ta tsaya daidai tsakiyar taga. Shi ne ke yin ƴar ƙarar nan ta "ƙas" idan lamba ta zauna.

To, wa ke tura zoben? Hanyoyi biyu ne, kuma a nan duk maganar take.

Hanya ta farko ta agogon ce da kansa. Faifai mai haƙora da ke ɗauke da gajeren hannu, hannun awa, yana zagayawa sau ɗaya cikin awa 12. Shi kuma yana jan wani faifan da ke tafiya rabin saurinsa, wato zagaye ɗaya cikin awa 24. A jikin wannan faifai na biyu akwai wani ɗan harshe da ya fito waje. Yini guda harshen yana zagayawa bai taɓa komi ba. Sai dare ya yi nisa yake isowa wurin zoben, ya shiga tsakanin haƙora biyu, ya fara tura na gabansa a hankali. Wanda ya zura wa Seiko 5 ido wajen ƙarfe 11 na dare zai ga lamba ta fara gocewa, rabin ta yau rabin ta gobe. Wajen ƙarfe 12 sai ta faɗa wurinta, harshen ya wuce abinsa sai kuma gobe.

Hanya ta biyu tamu ce, ta gaggawa. Idan aka jawo maɓalli zuwa matakin farko, wani ɗan faifai dabam yakan matso ya kama haƙoran zoben. Kowace murza sai lamba ɗaya ta wuce. Wannan hanyar ba ta shawara da ta farko. Da rana babu matsala, tunda harshen yana can nesa, zoben shi kaɗai ne a fili.

Da dare kuwa harshen yana tsakanin haƙora. Idan muka tura zoben da maɓalli, haƙorin da ke bayan harshen sai ya taho ya buge shi ta ƙeya. Harshen ba ya iya gudu gaba, domin faifansa a ɗaure yake da faifan awa, shi kuma ba ya wuce tafiyar agogo. Ga zobe ana tura shi, ga harshe ya tsaya a hanya, dole ɗaya ya ji jiki. Hausawa sun ce harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma a cikin agogo saɓanin nasu kuɗi yake ci.

Duk wadda ta taɓa zama a kan keken ɗinki ta san irin wannan. Idan allura tana sama, ja ƙyalle yadda kike so. Idan tana ƙasa cikin ƙyallen kika fizga, ko ta lanƙwashe ko ta karye. Keken bai lalace don an ja ƙyalle ba, don an ja shi a lokacin da allura ke ciki ne.

Sai kuma batun ƙarfi. Aikin da agogo ke yi cikin awa guda ko fiye, yatsunmu cikin ƙiftawar ido suke yinsa. Kayan da ke wurin kuwa ba su kai ƙwayar shinkafa kauri ba, kuma a injin 7S26 faifan da ke ɗauke da harshen da wanda maɓalli ke turawa duk na roba ne. An yi su daidai ƙarfin agogo, ba daidai ƙarfin hannun da ya saba ɗaure buhu ba.

Me ya kai gargaɗin har ƙarfe 4 na asuba, alhali kwanan wata ya gama juyawa tun 12? Saboda sunan rana. Seiko 5 yana da wani faifai mai ɗauke da ranakun mako, kuma sai kwanan wata ya gama nasa sannan shi ya fara. Kowace rana an rubuta ta da yare biyu, Ingilishi da Larabci, ko Ingilishi da Faransanci, ko wani yaren. Ke nan matakai 14 ne a faifan, kuma kowane dare sai ya taka biyu. Shi ya sa mai tashi cikin dare wajen ƙarfe 2 yakan ga agogonsa ya koma Larabci ya zaci ya lalace. Lafiyarsa lau, yana tsakiyar hanya ne, kafin asuba zai dawo yaren da aka sa shi. Muddin yana cikin wannan tafiyar, shi ma ba a taɓa shi.

Ba kullum yake karyewa ba

Mun san akwai wanda zai ce ya shekara goma yana canza nasa da dare, bai ga komi ba. Ba za mu ƙaryata shi ba. Masu ƙera agogo sun san halin mutane, shi ya sa a injina da yawa na zamani suka yi harshen da ɗan danƙo, idan haƙori ya buge shi ta baya sai ya lotsa ya ba shi hanya. A irin wannan, abin da ya fi faruwa shi ne lissafi ya rikice a daren: ko lamba ta ƙi juyawa, ko ta ƙara ɗaya a kan wadda aka sa. Akwai ma injinan da aka yi su don a canza kwanan wata a kowane lokaci, kamar 3235 na kamfanin Rolex da ya fito a 2015.

Amma mu duba abin da ke hannunmu. Agogon da ya shekara 20 ko 30, robar cikinsa ta bushe da zafin ƙasarmu, man da aka sa masa ya daskare ya haɗu da ƙurar hunturu. Harshen da ya lotsa sau ɗari yana iya tsagewa a na ɗari da ɗaya. Sannan agogon da aka rubuta wa babban suna a fuska amma aka saye shi kuɗin turmin atamfa, kowa ya san injin cikinsa ba na wannan sunan ba ne, kuma alkawarin kamfani bai shafe shi ba. Tun da ba a iya gane irin harshen da ke ciki ba tare da an buɗe ba, mu a ganinmu a ɗauki kowane agogo kamar mai karyewa ne.

Mu ƙara da cewa ba don yana ba kansa wani ba ne yake da wannan rauni. Agogo mai pil, muddin yana da hannuwa da tagar kwanan wata, irin wannan zobe da harshe ne a cikinsa, gargaɗin ya hau kansa. Mai lambobi a gilashi kamar Casio ne kaɗai babu ruwansa. Abin da ya sa mai ba kansa wani ya fi shiga haɗari shi ne yana tsayawa idan an ajiye shi, sai a riƙa gyara masa lokaci a kai a kai.

Tarkon agogon da ya tsaya

A nan ne mafi yawan ɓarna ke faruwa, kuma da rana tsaka. Ƙarfe 9 zuwa 4 da ake magana ba na sararin sama ba ne, na cikin agogon ne. Fuskar agogo awa 12 take nunawa, faifan harshe kuwa awa 24 yake tafiya. Agogon da ya tsaya a ƙarfe 11 ba ya faɗin na safe ne ko na dare.

Mu ɗauki misali da kwanakin ƙarshen Nuwamba na 2025. Wani mai shago a Maraɗi ya cire Seiko 5 ɗinsa ran Juma'a 28 ga wata da ƙarfe 9 na dare, ya jefa a akwati. Irin wannan agogo yana samun wani ne daga wani ƙarfe mai siffar rabin wata da ke lilo a bayansa idan hannu ya motsa. Idan ya cika, yana kai wajen awa 40. Amma mai yini zaune a bayan tebur ba ya cika shi. A ce awa 26 ya rage masa, sai ya tsaya ran Asabar 29 wajen ƙarfe 11 na dare.

Ran Litinin 1 ga Disamba, ranar kasuwa, mai shi ya ɗauko shi da ƙarfe 7 na safe yana sauri. Gari ya waye, rana ta fito, amma a cikin agogon har yanzu daren Asabar ne, harshe yana tsakanin haƙora. Idan ya jawo maɓalli zuwa matakin farko ya fara murzawa, sau uku zai buga zoben a kan harshen: 30, 31, 1.

Ga yadda ya kamata ya yi. Da farko ya ɗan girgiza agogon gefe da gefe kamar rabin minti har ya tashi, tunda 7S26 ba a ba shi wani ta maɓalli. Sai ya jawo maɓallin har ƙarshe, mataki na biyu, inda ake juya hannuwa. Ya tura hannuwan gaba, yadda suke tafiya da kansu, ba da garaje ba, idonsa a kan taga. Wannan ba ya cutarwa, domin harshen ne ke tura zoben ta hanyar da aka yi shi dominta. Da hannuwa sun kai 12 zai ga 29 ta koma 30. Ya samu amsarsa ke nan: dare ne agogon ya tsaya. Ya ci gaba, zai ga sunan rana ya bi ta ɗayan yaren ya zauna a Lahadi. Kada ya tsaya sai gajeren hannu ya kai 6.

Yanzu agogon yana ƙarfe 6 na safe a lissafinsa, harshen ya yi nisa. Sai ya mayar da maɓalli matakin farko. Murzawa ta gefe ɗaya tana canza kwanan wata, ta ɗayan gefen tana canza rana. Ya kai lamba daga 30 zuwa 31 zuwa 1, ya kai rana Litinin da yaren da yake so. Sannan ya sake jawo maɓalli ƙarshe, ya kai hannuwa ƙarfe 7, ya tura maɓalli ya koma gidansa. Duk aikin bai kai minti biyu ba.

Da a ce hannuwa sun wuce 12 lamba ba ta motsa ba, to tsakar rana aka wuce, kuma 6 ɗin da zai tarar a gaba ta yamma ce. Ita ma ba ta da haɗari, shi ya sa aka zaɓi ƙarfe 6: safe ko yamma, tana wajen lokacin da aka hana. Bambancin kawai, a wannan halin sai ya sa kwanan jiya da ranar jiya, wato 31 da Lahadi, sannan ya tura hannuwa gaba su tsallaka tsakar dare, agogon da kansa ya kawo 1 da Litinin, ya tsaya a 7 na safe. Wanda ya tsallake wannan matakin zai ga agogonsa yana canza kwanan wata da tsakar rana yana cikin ciniki.

Abin da bai kamata ya yi ba shi ne mayar da hannuwa baya su tsallaka 12 na dare don neman sauƙi. A wasu injina, musamman tsofaffi, harshen yakan dawo da baya ya ci karo da haƙori ta gefen da ba a yi shi don haka ba.

Ga gyaran ƙarshen wata kuwa, maganin ya fi wannan sauƙi. A bar agogo ya kwana da ƙaryarsa. Da safe, bayan ƙarfe 5, a tura lamba ɗaya. Ran 1 ga Maris uku za a tura, ko biyu a shekarar da Fabrairu ya yi kwana 29. Masu sa agogonsu a kan kwanan watan Musulunci su suka fi bukatar kiyaye wannan, domin duk watan da ya yi 29 ko 30 sai sun gyara, kuma labarin tsayuwar wata da dare yake zuwa. Su ma su jira safiya.

Yadda ake gane an yi ɓarna

Alamar farko a yatsa ake jinta. Idan ana murza maɓalli aka ji ya yi tauri ba kamar yadda aka saba ba, a tsaya nan take. Taurin nan harshen ne ke cewa yana hanya. Yawancin karaya daga murzar da ta biyo bayan taurin take zuwa.

Idan an riga an wuce nan, kowace ɓarna da kamanninta. Agogon da ke tafiya daidai, maɓalli yana canza masa lamba, amma dare ya wuce bai canza da kansa ba, harshensa ne ya karye ko ya lanƙwashe. Wanda yake canzawa da kansa da dare amma maɓalli yana juyawa fayau ba ya kama komi, haƙoran ɗan faifan gaggawa ne suka cinye. Wanda lambarsa ke kwana rabi a taga har rana ta yi, ko haƙorin zobe ya lotsa ko ƙarfen da ke riƙe shi ya goce. Wanda ya fi damuwa shi ne agogon da ke tsayawa kowane dare wajen 11 ko 12: wani abu ne ya cije a wurin, ƙarfin agogon ya kasa wuce shi. Irin wannan kada a yi ta girgiza shi, a kai wa mai gyara, domin gutsuren da ya karye yana iya yawo ya faɗa cikin sauran faifan.

Canza lamba da tsakar rana kuwa ba lalacewa ba ce, kamar yadda muka gani. A tura hannuwa gaba awa 12, a gyara lamba, shi ke nan. Kada a biya kowa kuɗi a kan wannan.

Wani zai yi mamakin yadda ɗan abin roba ke jawo kuɗin gyara mai yawa. Wurin da yake ne matsalar. Idan an buɗe bayan agogo ba a ganinsa. Sai an zare maɓalli da sandarsa, an fitar da inji daga gidansa, an cire hannuwa uku, an ɗaga fuska, an cire faifan ranaku da farantin da ke danne zoben. Wajen mayarwa kuma dole a dasa hannuwa daidai lokacin da lamba ta faɗa, su nuna 12. Idan agogo ya dawo daga gyara yana canza kwanan wata da ƙarfe 3 ko 9, a nan mai gyaran ya yi sakaci, a mayar masa. Ga kuma ƙura: fuskar da aka buɗe a bakin titi da hunturu ba ta cika komawa da tsabta ba. Sau da yawa ma kayan sai dai a ciro daga wani mataccen agogo irinsa.

Ga masu sayen na hannu don sayarwa

Mai sarin agogo a kasuwar Dole ta Damagaram ko babbar kasuwar Yamai yakan duba gilashi, ya duba sarƙa, ya kara a kunne ya ji yana tafiya, ya biya. Ɓarnar kwanan wata ba ta bayyana a haka, sai mai saye ya kwana da shi ya dawo da rigima. Gwajin kuwa a tsaye ake yinsa. A jawo maɓalli ƙarshe, a zagaya da hannuwa gaba awa 24 cur. Lamba ta canza sau ɗaya tak, kusa da 12, sunan rana ya biyo baya ya zauna daidai kafin 4. Sannan a kai hannuwa 6, a koma matakin farko, a bi lambobin nan 31 ɗaya bayan ɗaya. A bi su duka, domin haƙori ɗaya ne kan lalace a cikin 31, kuma agogon yana iya yin mako uku lafiya kafin ya iso wurin. A bi ranaku ma, matakai 14. A wasu tsofaffin Seiko danna maɓallin ciki ake yi maimakon murzawa, amma gwajin ɗaya ne.

Agogon da ya faɗi wannan gwaji ba na yarwa ba ne, lokaci dai yana nunawa. Amma kuɗinsa ba ɗaya ba ne da mai lafiya, a cire kuɗin mai gyara tun a wurin ciniki. Wanda ya ci gwajin kuma, a sa masa rana da kwanan wata daidai a gaban mai saye, a nuna masa ƙarfe 6 da yatsa kafin ya ɗaura ya tafi.